Yadda za ka kulle fokas da hasken kyamarar kwamfuta ta daina canzawa da kanta

Kafin ka taɓa komai, fara tabbatar da cewa kyamarar ce ke da matsala ba netwok ba, don mutane da yawa suna haɗa su. Buɗe Camera na Windows, ko ka shiga saitin bidiyo na Zoom inda kake ganin kanka ba tare da ka shiga mitin ba, ka zauna yadda ka saba zama, ka yi magana kana motsa hannu, ka ɗaga farar takarda ka sauke. In a nan hoton yana dishi-dishi na sakan ɗaya ko biyu sannan ya dawo, wani lokaci har ka ga kamar ya ɗan matso ya koma, to fokas ne kyamarar ke ta nema. In kuma fuskarka ce ke yin duhu da ka ɗaga takardar sannan ta sake haske da ka sauke, wannan awon haske ne na otomatik. Amma in a wajenka hoton tsaf yake, waɗanda ke can ɓangaren ne kawai ke cewa kana farfashewa kana zama gida-gida, to data ce, kuma babu saitin kyamarar da zai gyara maka ita.

Dalilin da ya sa take wannan rawar kai ba wani abu ba ne mai wuya. Yawancin waɗannan kyamarorin ba sa auna nisa, abin da suke yi shi ne su tura gilashin gaba su dawo da shi baya suna duba inda layuka da gefunan abubuwa suka fi fitowa sarai, inda ya fi kaifi nan suke tsayawa. To in ɗakin ba haske sosai, ko abin da ke gabanta farin allo ne ko farar shadda da ba wani zane a jiki, sai ta rasa abin kamawa ta yi ta kai-komo, kuma in akwai labule mai zane-zane a bayanka sai ta bar fuskarka ta koma kan labulen don shi ya fi ba ta abin da take nema. Haske ma haka, ba fuskarka take dubawa ba, duk hoton take haɗawa ta fitar da matsakaici. Farar riga, taga a baya, ko ma hasken sikirin ɗinka da ya canza saboda ka buɗe farin shafi, kowanne zai sa ta sake lissafi.

Maganin shi ne ka ƙwace aikin daga hannunta. Sai dai akwai tsari, kuma ni a ganina tsarin ya fi lambobin muhimmanci: a fara gyara hasken ɗaki, sannan a kulle Exposure wato awon hasken kyamarar, sannan kala, fokas ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fokas a ɗaki mai duhu zai sha wahala a banza don ba zai ma iya gane inda hoton ya fi kaifi ba.

Batun hasken ɗaki, ka sani duk abin da ka kulle ya kullu ke nan, kyamarar ba za ta sake taimaka maka ba in haske ya canza. Saboda haka kana buƙatar hasken da zai tsaya yadda yake daga farkon zama zuwa ƙarshe. Hasken taga yana da kyau amma a nan Zariya ba abin dogaro ba ne in zaman zai yi tsawo, da damina hadari zai haɗu cikin minti kaɗan ɗaki ya yi duhu, da yamma kuma daga bayan la'asar zuwa magariba raguwa kawai yake yi. Ja labule, ka sa fitila a gabanka, ɗan sama da ido kaɗan kuma ɗan gefe, kada ta kasance a bayanka ko a saman kanka kai tsaye. In za ta yiwu fitilar ta kasance kan inbata ko sola, yadda in an ɗauke wuta ba za ka ɓace ba. Fitila mai caji ma tana yi, amma masu arha suna dusashewa a hankali yayin da batir ke sauka, kai ba za ka lura ba amma kyamarar da aka kulle za ta nuna, don haka ka cika ta da caji kafin zama.

Sai inda saitin yake. Kusan duk kyamarar da ake jonawa ta USB tana bin ƙa'ida ɗaya mai suna UVC, shi ya sa a Windows akwai wani tsohon akwatin saiti da kusan dukkansu ke amsawa, matsalar dai Zoom da Meet ba sa nuna maka shi. Hanya mafi sauƙi ta kai wa gare shi ita ce OBS Studio, kyauta ne. Ka rufe duk wata manhaja da ke amfani da kyamarar tukuna, ka buɗe OBS, a ƙarƙashin Sources ka danna alamar + ka zaɓi Video Capture Device, ka ba shi suna, a wajen Device ka zaɓi kyamararka. Za ka ga hotonka ya fito, ƙasa kaɗan akwai maɓalli Configure Video, shi za ka danna. Wani ƙaramin akwati zai buɗe, wani lokaci yana ɓuya a bayan tagar OBS sai ka neme shi, yana da shafi biyu, Video Proc Amp da Camera Control. Ka ja shi gefe yadda za ka riƙa ganin hoton yayin da kake taɓa saitin.

In kyamararka ta Logitech ce akwai manhajarsu irin su Logi Tune da G HUB, a ciki ma ana kashe otomatik ɗin fokas da na haske, sauran kamfanoni da yawa su ma suna da tasu. Duk abu ɗaya suke taɓawa a cikin kyamarar. Ka zaɓi guda ɗaya kawai ka riƙe, don in manhajar kamfani tana aiki a ɓoye kai kuma kana saitawa ta OBS, tana iya mayar da nata saitin a kan naka ka rasa gane me ke faruwa. Masu Mac ba su da wannan akwatin na Windows, su manhajar kamfanin ce hanyarsu.

Shiga Camera Control. Za ka ga layuka, Zoom, Focus, Exposure da sauransu, kowanne da abin ja da kuma ɗan akwatin Auto a gefen dama. In Focus ya yi toka-toka ba ya taɓuwa, kyamararka ba ta da fokas mai motsi ke nan, haka yawancin kyamarorin jikin laftof suke, haka ma Logitech C270, irin waɗannan ba sa neman fokas tun asali, in ka ga dishi-dishi a kansu to ƙarancin haske ne ko datti a gilashi. Af, ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi, da hunturu ƙura tana zama a kai ta sa hoto ya yi hazo, mutum ya yi ta zargin saiti.

Yanzu Exposure, nan ne ya kamata a tsaya a fahimta. Cire alamar Auto. Lambobin da za ka gani masu alamar ragi ne, -4, -5, -6, -7, kuma ba matakin haske suke nufi ba, tsawon lokacin da kyamarar ke buɗe ido ne don ɗaukar kowane hoto guda. -5 na nufin 1/32 na sakan, -6 rabin haka wato 1/64, -7 kuma 1/128, shi ko -4 ninki ne, 1/16. Duk mataki ɗaya da ka hau, haske ya ninka, duk wanda ka sauka ya rabu biyu, shi ya sa za ka ga tsallen yana da girma, babu tsaka-tsaki.

Ga inda tarkon yake. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 ne a kowane sakan, kowane hoto yana da 1/30 na sakan ke nan. -5 ya shiga cikin wannan lokacin da ƙyar, amma -4 bai shiga ba, in kyamara za ta ɗauki 1/16 a kan kowane hoto ba za ta iya ba ka fiye da kamar 16 a sakan ba. Mutum zai ga ɗaki da duhu ya ja zuwa -4 ko -3, hoto ya yi haske ya ji daɗi, sai ya motsa hannu ya ga hannun yana jan inuwa kamar fatalwa, baki kuma ba ya tafiya daidai da magana. Saboda haka a hoto 30 kada ka wuce -5, in kuma kyamarar mai hoto 60 ce kuma haka kake amfani da ita, iyakarka -6. In a -5 har yanzu kana da duhu, ba saiti ne ya gaza ba, fitila ce ta yi kaɗan, matso da ita ko ka ƙara wata. A wannan shafin dai akwai Low Light Compensation, cire masa alama, aikinsa shi ne ya ba kyamara izinin rage yawan hotuna in ta ga duhu, abin da muke gudu ke nan.

Koma shafin Video Proc Amp. Abu na farko a nan PowerLine Frequency, wasu suna rubuta Anti Flicker a gefe, ka sa shi a 50 Hz. Wutar Najeriya 50 ce, ta Amurka 60, kuma kyamarori da yawa suna zuwa a saite kan 60. Ƙwan fitila da ke kan wutar gida yana iya ƙyaftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara na gani, sai ka ga wasu layuka masu duhu suna gangarowa a hoto ko hasken yana kaɗawa da sauri. Mutane na ɗauka otomatik ne bai kashu ba alhali wannan ne. Ka kuma lura, in ka sauka zuwa -7 lokacin ya gajarta ƙasa da 1/100, a nan ko ka sa 50 Hz layukan suna iya fitowa a ƙarƙashin irin wannan ƙwan, sai ka koma -6 ko -5 ka rage fitila. In kuma kan ƙaramin janareta kake, shi ba ya tsayawa cif a 50, da an kunna firij ko ayan zai ja ya saki, to nan fitilar batir ta fi.

Sai Gain. Shi ƙara ƙarfin sigina ne bayan an riga an ɗauki hoton, yana ƙara haske amma yana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto musamman a wurare masu duhu. Da shi za ka cike gurbin da ke tsakanin matakan Exposure, wato in -6 ya yi duhu -5 kuma ya yi yawa, tsaya a -6 ka ɗan ɗaga Gain, ko ka tsaya a -5 ka ja fitila baya. Ka riƙe shi ƙasa iya yadda za ka iya. Brightness kuma ka bar shi a inda ka same shi, ɗaga shi yana mayar da baƙi ya koma toka ne kawai, hoton ya yi fari-fat ba armashi. Backlight Comp ma a kashe tunda ka riga ka ja labule.

Da me za ka auna ko hasken ya yi? Da fuska, ba da riga ko bango ba. Duba goshi da kan hanci da kumatu, in sun koma farin tabo da ba ka ganin fata a ciki ka yi yawa, in kuma idanu sun nutse ba a ganin su ka yi kaɗan. Mu masu duhun fata da muke son fararen kaya, otomatik yana yawan cutar mu a nan, yana ganin farar shadda sai ya rage haske don ya cece ta, fuska ta tafi. Da hannu kai za ka zaɓa, kuma ni dai gara rigar ta ɗan ƙone da fari a ga fuska. In da hali ma ka sa kaya mai ruwan toka ko shuɗi ranar da za ka zauna gaban kyamara, aikin zai fi sauƙi.

White Balance shi ne kala, shi ma yana da Auto kuma shi ma yana yawo, shi ke sa ka ga fuska ta yi ja-ja yanzu anjima ta yi shuɗi-shuɗi. Dabara mai sauƙi ita ce ka bar Auto a kunne ka riƙe farar takarda a gaban fuskarka ta cika yawancin hoton, ka jira ya natsu, sannan ka cire alamar ka duba ko takardar ta tsaya fara, in ta sauya ka ja da hannu har ta dawo. A ma'aunin White Balance, ƙwan fitila mai hasken rawaya yana wajen 2700 zuwa 3000, farin ƙwai da aka fi sayarwa a kasuwa galibi 6500 ne, sau da yawa a rubuce yake a jikin kwalin. Kada ka haɗa iri biyu a ɗaki ɗaya, ba lambar da za ta dace da su duka.

To yanzu fokas. Koma Camera Control, zauna daidai inda za ka zauna da gaske, da bayanka a jingine yadda ka saba, ba a sunkuye kan linzami ba, don nan mutane ke kuskure, su saita suna sunkuye sannan su jingina su fita daga fokas. Cire Auto na Focus. A kyamara irin Logitech C920 abin ja yana tafiya daga 0 zuwa 250 da tsallen biyar-biyar, 0 shi ne nesa, lamba na hawa fokas na matsowa kusa, kuma lambar ba santimita ba ce, wata kyamarar ma ma'auninta daban. Fara daga 0 ka riƙa hawa a hankali da maɓallin kibiya na kibod, ya fi linzami daidaito. Ka ƙara girman hoton ya cika sikirin, ka kafa ido kan abu mai ƙananan layuka, gira, gemu, ko zanen hula. Zai yi kaifi, ka ci gaba har ya fara lalacewa, ka lura da lambar da ya fara kyau da wadda ya fara ɓaci, sannan ka koma tsakiyarsu. Tsakiyar ce za ta ba ka damar matsowa gaba kaɗan ko komawa baya ba tare da ka dushe ba. Ka danna Apply sannan OK.

Bari in kawo misalin wani malamin lissafi a Samaru da ke koyar da ɗalibai ta bidiyo daga ƙarfe 4:30 zuwa 6:30 na yamma, yana tsaye gaban farin allo, kyamara na kan tebur kamar mita ɗaya da rabi daga allon, taga na gefensa na hagu. Ƙorafin ɗalibai shi ne duk sanda ya matsa gefe don su kwafa, rubutun sai ya dushe, in ya dawo kuma allon ya yi wal fuskarsa ta yi duhu. Dalili a fili yake, in ya fita daga hoto sai farin allo ya rage, fokas ya rasa abin kamawa, awon haske kuma ya ga fari ya cika ko'ina ya rage.

An ja labule, an kunna fararen ƙwai biyu kan inbata, ɗaya ta kowane gefe kuma a karkace don kada su yi ƙyalli a allon. A -5 allon ya ƙone har baƙin rubutu ya fara siracewa, a -6 rubutu ya fito amma fuska ta ɗan yi duhu, sai aka tsaya a -6 aka ɗaga Gain kaɗan, tunda a wajensa rubutun ne kan gaba. PowerLine Frequency aka same shi a 60 aka mayar 50, White Balance aka tsayar kusa da 6500 saboda ƙwayayen. Wajen fokas ba a yi amfani da fuskarsa ba, an manna shafin jarida a tsakiyar allon aka ja har ƙananan rubutun suka fito, ya yi kyau daga 0 zuwa wajen 20, aka bar shi a 10. Shi yana tsayawa taku ɗaya ne gaban allon, kuma a wannan nisan ƙaramin gilashin kyamara yana riƙe su duka biyun. Abin da ya rasa shi ne kawo littafi dab da kyamara don nuna shafi, yanzu in ya yi haka dishi-dishi za a gani, sai dai ya riƙe shi a daidai ƙirjinsa ko ya ɗauki hoton shafin ya tura musu.

Gwaji kafin ka yarda: ɗaga farar takarda ka sauke, miƙa hannu kusa da kyamara ka janye, tashi ka fita ka dawo. Bango bai kamata ya canza haske ko kaifi ba ko kaɗan. In a OBS ya tsaya amma a mitin yana canzawa, manhajar mitin ce ke nata gyaran a sama, a Zoom ka duba Adjust for low light a saitin Video ka kashe, Google Meet ma yana da nasa gyaran haske a saitin bidiyo, kuma ɓoye bango da ake yi yana sa gefen kai da kunne su riƙa narkewa, wannan ba fokas ba ne.

Sai babban abin haushin, kyamarori da yawa ba sa ajiye saitin in wuta ta bar jikinsu. Ka zare waya, ko ka kashe kwamfuta, wani lokaci ko barci ta yi ta farka, sai ka tarar komai ya koma Auto. Don haka ka ɗauki hoton shafukan nan biyu da wayarka, ko ka rubuta lambobin a takarda ka manna a gefen sikirin, mayar da su bai kai minti ɗaya ba. In ka gama saitawa ka rufe OBS sannan ka buɗe Zoom, galibi saitin yana nan muddin ba a zare kyamarar ba. Ko kuma ka bar OBS a buɗe ka danna Start Virtual Camera, a Zoom ka zaɓi OBS Virtual Camera, sai dai wannan yana cin batir da ƙarfin laftof, in tsohuwa ce za ka ji fanka na ihu.

Wanda ba ya son buɗe OBS kullum kuma yana da manhajar ffmpeg, wannan layin yana fito da akwatin kai tsaye, sai ka sa sunan kyamararka yadda Windows ke rubuta shi:

```
ffmpeg -f dshow -show_video_device_dialog true -i video="HD Pro Webcam C920"
```

Masu Linux su abin ya fi musu daɗi don ana iya rubuta saitin gaba ɗaya a fayil a riƙa kunna shi. Fara da ganin sunayen da kyamararka ke amsawa, sannan ka kashe otomatik kafin ka ba da lamba, in ba haka ba za ta ƙi karɓa:

```
v4l2-ctl -d /dev/video0 --list-ctrls
v4l2-ctl -d /dev/video0 -c focus_automatic_continuous=0 -c auto_exposure=1
v4l2-ctl -d /dev/video0 -c focus_absolute=10 -c exposure_time_absolute=200
v4l2-ctl -d /dev/video0 -c power_line_frequency=1
```

A nan lissafin lokacin daban ne da na Windows, kowane 1 yana nufin 1/10000 na sakan, don haka 200 shi ne 1/50, kuma 100, 200 da 300 duk sun dace da wutarmu ta 50, kada dai ka wuce 333 in kana son hoto 30. A tsofaffin sigogin Linux sunayen su ne focus_auto, exposure_auto da exposure_absolute, layin farko zai nuna maka wanne ne naka.